Hoton Neman Aiki a LinkedIn: Yadda Ake Ɗaukar Salfi da Zaɓen Suturar da Ta Dace

Mai ɗaukar ma'aikata ba ya fara ganin hotonka a cikakken allo. Abin da ke fara bayyana masa ɗan da'ira ne a gefen sunanka, wanda a waya bai wuce faɗin ƙwandala ba, a jere da na sauran masu neman gurbi ɗaya da kai. Duk shawarar da ke ƙasa daga nan ta taso. Hoton da ya yi kyau a faɗin waya yana iya zama dusu-dusu idan aka matse shi cikin wannan da'irar, kuma rigar da ta burge jama'a a wurin ɗaurin aure tana iya cinye fuskar mai ita. LinkedIn muka ɗauka misali domin nan ne bankuna, kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji suka fi leƙa mutum, amma abin da ya yi a can zai yi a Jobberman da ire-irensa.

Ma'aunin da shafin ke so

LinkedIn yana karɓar hoton JPG ko PNG, wanda bai gaza fiksil 400 a faɗi da 400 a tsayi ba, nauyinsa kuma bai haura 8MB ba. Kusan kowace waya ta yanzu tana ba da abin da ya zarce haka, don haka ƙarfin kyamara ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce yanka. Ka ɗora hoto mai kusurwa huɗu, shafin ya zagaye shi, kusurwoyin nan huɗu su tafi. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na hoton ke ɓacewa ta haka. Wanda ya cika firam da kansa tun daga waya, har hularsa na taɓa bakin sama, zai tarar an sare masa saman hula da kafaɗu. In kuma ka kunna zoben kore mai rubutun #OpenToWork, wanda ke nuna kana neman aiki, zai ƙara rufe ƙasan da'irar ta wajen hagu. Saboda haka a bar fili tun wajen ɗauka, a yi yankan daga baya.

Abin da ake nema a ƙarshe shi ne kai da kafaɗu kawai, kan ya ci kusan kashi 60 cikin 100 na tsayin hoton, a tsaya a daidai saman ƙirji. Takalmi, agogo, makullin mota, duk ba za su fito ba, kada a ɓata lokaci a kansu.

Tazara ita ce gaba da komai

Abin da ke lalata yawancin salfi shi ne kusancin waya da fuska. Hannun mutum idan ya miƙe bai wuce santimita 50 zuwa 60 ba, kuma da yawa ba sa ma miƙewa, suna riƙe wayar a santimita 30. A wannan tazarar, hanci ya fi kunne kusa da kyamara sosai, sai hancin ya kumbura, goshi ya turo, kunnuwa su noƙe, kafaɗu su tsuke. Wani nazari da aka buga a 2018 a wata mujallar likitocin gyaran fuska ta Amurka ya lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga kusan santimita 30 yana nuna hanci ya ƙara faɗi da wajen kashi 30 cikin 100, alhali daga mita ɗaya da rabi fuskar na fitowa daidai da yadda take. Babu manhajar da ke gyara wannan da kyau bayan an ɗauka. Maganinsa ɗaya ne, a ja da baya.

To yaya mutum zai ɗauki kansa daga mita ɗaya da rabi? Ya ajiye wayar, ya yi amfani da kyamarar baya, wadda kusan a kowace waya ta fi ta gaba kaifi. Ka sami tebur ko kan taga, ka jera littattafai har idon kyamara ya zo daidai da tsayin idanunka, ka jingine wayar a tsaye da wani abu mai nauyi don kada ta zame. In kana da ƙafar ɗaukar hoto mai ƙafa uku, ya fi sauƙi. Ka kunna Timer a kan daƙiƙa 10, ka danna, ka koma wurinka. Tun da ba ka ganin kanka, sai ka sa alama a ƙasa inda za ka tsaya, ko da da takalmi ne, ka ɗauki na gwaji biyu ka duba. A wasu wayoyin maɓallin ƙara sauti na abin kunne mai waya yana ɗaukar hoto, wannan kuma ya hutar da kai kai-komo. In akwai ƙane ko ƙanwa a gida, ba shi wayar ya fi duk wannan dabarar, da sharaɗin ya tsaya inda aka ce, kada ya matso.

Tsayin kyamara ma yana magana. Idan tana ƙasa da haɓa, ƙofofin hanci ke fitowa, wuya ya ninku, mutum ya yi kamar yana hararar na ƙasa da shi. Idan tana can sama, irin yadda ake ɗaga waya a hoton biki, kai ya yi girma, jiki ya ƙanƙance, hoton ya koma na wasa. Daidai ido, ko sama da shi da yatsu biyu zuwa uku, shi ne wurin.

In dole sai da kyamarar gaba da hannu, to a miƙe hannun iyakar miƙewarsa, a ajiye fuska a tsakiyar allo domin gefunan firam sun fi jan siffa, a bar fili mai yawa, sannan a yanke kafaɗar da ta ɗago daga baya. Wannan kafaɗar da ta karkace ita ce ke tona asirin salfi tun daga nesa. Kuma a kalli ɗigon kyamara, kada a kalli allo. Mai kallon allo idanunsa na sauka ƙasa kaɗan, sai ya fito kamar yana kauce wa mai dubansa.

Kafin komai, a goge idon kyamara da gefen riga mai laushi. Maiƙon yatsa da ƙurar aljihu su ne sanadin hoton da ke fitowa da hazo, fitilu suna jan wutsiya.

Haske, musamman a kan baƙar fata

Ranar tsaka ba ta yi wa kowa hoto. Daga wajen ƙarfe 11 zuwa 3 hasken daga sama yake zubowa, sai ramin ido ya yi duhu, hula ta jefa inuwa a goshi, kan hanci da kumatu su yi ƙyalli, mutum kuma ya ƙanƙance ido. Da hantsi, tsakanin ƙarfe 7 da 9, ko bayan la'asar sakaliya kafin magariba, hasken ya fi laushi. Amma abin da ya fi duka sauƙi, kuma yake aiki kusan kowane lokaci na yini, shi ne bakin inuwa: ka tsaya a cikin zaure ko baranda, taku ɗaya daga inda rana ta tsaya, fuskarka na kallon waje. Hasken na shigo maka ta gaba, babu zafin rana a kanka.

A cikin ɗaki, taga ce fitilarka. Ka tsaya kimanin mita ɗaya da rabi daga gare ta, ka fuskance ta, ko ka ɗan karkata yadda hasken zai fi sauka a kunci ɗaya. Wayar tana tsakaninka da tagar ko a gefenta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba wa taga baya don labulen ya yi kyau, sai kyamara ta auna hasken tagar, fuskar ta zama inuwa. Ka kashe ƙwan ɗaki. Hasken taga da na ƙwai launinsu daban, idan suka haɗu rabin fuska na yin rawaya, rabi na yin shuɗi-shuɗi. Filasha ma a kashe ta, domin tana sa goshi sheƙi, tana kuma manna baƙar inuwa a bango. Idan ɓangaren da ba ya kallon taga ya yi duhu da yawa, farin kwali ko farin zanen gado da aka rataya a kujera ta wannan gefen, kusa da kai amma wajen firam, zai mayar da haske ya cike shi.

Akwai abin da ya shafi masu duhun fata kai tsaye. Kyamarar waya tana duba hasken duk abin da ke cikin firam ta nemi tsaka-tsaki. Idan ka sa farar shadda ƙal, ka tsaya gaban farin bango, sai ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskarka ta nutse har ba a rarrabe ido da gira. Idan kuma ta bi fuskar ta ƙara haske, shaddar ta ƙone ta zama farin fili babu aiki babu zare. Dabarar ita ce a taɓa fuska a allo don kyamara ta auna daga nan, a yawancin wayoyi kuma idan aka danne na daƙiƙa biyu tana kulle ma'aunin. In kai kaɗai ne, ka sa wani abu mai duhu-duhu a inda kanka zai kasance, ko ka bar wayar ta gano fuska da kanta, sannan ka duba sakamako. Alamar haske ya yi daidai ita ce ka ga ɗan ɗigon haske a cikin ƙwayar ido, ka kuma ga launin fatarka na gaskiya, ba toka-toka ba.

Bango kuwa, a nemi wanda ba shi da hayaniya: ruwan toka mai haske, ruwan madara, ko ginin da aka yi wa fenti ɗaya. Ka matsa daga jikinsa mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi don inuwarka ta faɗi ƙasa, ƙananan tabon fenti kuma su dushe. Ka duba abin da ke fitowa ta bayan kai: igiyar shanya, kalandar ɗan takara, wayar wuta, sokat, ƙofar banɗaki. Cikin mota da bel a kafaɗa ba wurin hoton aiki ba ne, komai kyan motar.

Sutura: daga wuya zuwa sama

Ka'idar zaɓen kaya gajeriya ce. Ka sa abin da za ka sa idan wurin da kake nema suka kira ka ganawa gobe. Hanyar ganewa kuwa ita ce ka buɗe shafin kamfanin a LinkedIn, ka duba hotunan mutum goma da ke riƙe da irin muƙamin da kake so, ka ga abin da ya rinjaya. Bankuna da kamfanonin lauyoyi da na binciken kuɗi sun fi karkata ga kwat. Ma'aikatun gwamnati, jami'o'i da yawancin ƙungiyoyin da ke aiki a Kano, Kaduna, Maiduguri ko Sakkwato, kaftani da hula ba baƙon abu ba ne a wurinsu, kuma babu wanda zai ga gazawarka don ka sa. Masu aikin kwamfuta da zane shat mai kwala ta ishe su. Babu dalilin da zai sa mutumin da bai taɓa ɗaura nektayi ba ya aro kwat mai faɗin kafaɗa, domin aron yana nunawa a hoto, kwalar na tashi daga wuya, kafaɗar na zubowa.

Launi ya fi tsadar yadi tasiri. Launukan tsakiya zuwa masu duhu su suka fi haɗuwa da fatarmu a kyamara: shuɗi mai duhu, ruwan toka, ruwan ƙasa, makuba, kore mai duhu, ruwan sararin samaniya. Fari ƙal mun faɗi matsalarsa. Baƙi wuluk kuma, a kan mai duhun fata a ɗaki mara haske sosai, yana haɗe wuya da riga su zama abu ɗaya. Idan kwat ɗin baƙi ne, shat mai haske a ciki za ta raba su. Sannan rigar ta bambanta da bango, kada a sa ruwan toka a tsaya gaban ruwan toka.

Shadda mai sheƙi, irin gezna da ta sha bugu, tana da kyau a ido amma tana mayar da haske kamar madubi, sai kafaɗa ta yi fari fat a gefen taga. Yadi mara ƙyalli ya fi sauƙin sarrafawa. Yadi mai siraran layuka a matse ko ƙananan gidajen dara yana haifar da wani zane mai kaɗawa kamar igiyar ruwa idan aka ƙanƙanta hoton, wanda babu shi a jikin rigar, don haka a kauce masa. Aikin wuya ya zama madaidaici, zare kalar yadin ko kusa da shi. Babbar riga kuwa, a wannan ɗan da'irar ba abin da ke fitowa daga gare ta sai tulin yadi a kafaɗa da guntun aska, ga shi tana sa matashi mai neman aikin farko ya yi kama da mai neman sarauta. A bar ta ga wanda muƙaminsa ya kai.

Hula tana ƙara wa kai tsayi da santimita bakwai zuwa goma, dole a lissafa da ita wajen yanka. Zanna Bukar ko damanga mai launi biyu zuwa uku da suka ɗauko kalar rigar ta fi mai launi barkatai. Ta kasance ta sha wanki da kari, bakinta a tsaye, a zaunar da ita daidai, kada a turo ta gaban goshi har ta taɓa gira, domin inuwarta na rufe ido. A kuma kula da hular da jama'a suka riga suka danganta da wata tafiyar siyasa. A Kano jar hula saƙo ce da kowa ke karantawa, kuma mai tantance takardunka ba lallai ne ku zama gida ɗaya ba.

Ga mata, abin da ke kewaye da fuska shi ne rigar hoton gaba ɗaya. Hijabi ko mayafi mai launi ɗaya, mara duwatsu da ƙyalƙyali, shi ya fi fitar da fuska. Idan atamfa mai manyan furanni za ki sa, ki ɗora mayafi mara zane a kai, kada zane biyu su yi gasa a wuri ɗaya. Yadi mai santsi yana zamewa tsakanin ɗauka da ɗauka, sai ki tarar a rabin hotunan gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, don haka hular ciki da fil biyu za su hutar da ke. Ki ja bakin hijabin baya kaɗan yadda gira da ɗan goshi za su fito, kuma kada ya matse haɓa har kumatu su turo. Baƙin hijabi yana yi idan akwai haske sosai kuma bangon mai haske ne. Ɗaurin ɗankwali mai tashi irin na biki da gwaggwaro ba za su shiga da'irar ba sai an ƙanƙanta fuska, ɗauri mai kwanciya ya fi. Kwalliya ta zama ta zuwa ofis: hoda daidai launin fata, kwalli, jan baki mara ƙyalli. Hodar da ta fi fata haske tana fitowa toka-toka a kyamara, a ga fuska daban wuya daban.

Wadda take sa niƙabi, ko wadda ba ta son fuskarta a bainar jama'a, tana da zaɓi. A wurin gyara hoto LinkedIn yana ba da damar a taƙaita masu ganinsa, daga kowa da kowa zuwa waɗanda kuka haɗa alaƙa kaɗai. Wannan ya fi a sa hoton fure, ko jariri, ko tambarin kamfani, domin ƙa'idar shafin ita ce hoton ya zama na mai asusun, kuma suna iya cire wanda ba haka ba.

Mai tabarau na likita ya bar abinsa, tun da da shi za a gan shi ran ganawa. Idan taga na fitowa a gilashin, ya ɗan sunkuyar da haɓa, ko ya ɗaga hannayen tabarau kaɗan daga kan kunne don gilashin ya kalli ƙasa, ko ya karkata daga tagar. Gilashi mai yin duhu a rana sai a cikin ɗaki. Baƙin tabarau ba ya cikin lissafi. Guga dole ce, musamman kwala da kafaɗa. Aski da gyaran gemu a yi su kwana ɗaya ko biyu kafin hoto, jan aska ya kwanta. Da hunturu a shafa ɗan man kaɗanya ko basilin a leɓe, a dangwale maiƙon goshi da hanci da tishu dab da ɗauka.

Kayan da ke da tarihi a jikinsu, kakin bautar ƙasa, rigar yaye ɗalibai, anko, rigar ƙungiyar ƙwallo, rigar da ke da tambarin tsohon wurin aiki, duk suna ba da labarin inda ka fito ne, alhali ana son a hango ka a kujerar da kake nema.

Mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka matashi ne ya karanta akanta, ya gama bautar ƙasa, yana neman aiki a sashen kuɗi na ƙungiyoyin agaji da kamfanoni a Kano. Baƙi ne, yana sa tabarau, wayarsa Tecno ce ta tsaka-tsaki. Ya duba ma'aikatan wuraren ya ga rabi kaftani, rabi shat da kwat. Yana da kaftani ruwan toka mai duhu mara sheƙi wanda tela ya ɗinka daidai jikinsa, kwat kuwa sai ya ara, don haka kaftanin ya ci. Ya ɗora hula mai toka da shuɗi.

Ƙarfe takwas na safe ya tsaya a baranda yana fuskantar tsakar gida, bango ruwan madara na bayansa da mita ɗaya. Ya ɗora wayar a kan littattafai bisa tebur, daidai ido, mita ɗaya da rabi daga inda ya sa alama. Kafin ya fara, ya shiga saitin kyamara ya kashe Beauty, wato gyaran fuska na atomatik, ya kashe Watermark, wato rubutun sunan waya da ke fitowa a ƙasan hoto, ya bar girman hoto a 4:3. Gyaran fuska na atomatik yana goge fata ta zama kamar roba, yana haskaka ta, yana siranta haɓa, kuma ranar ganawa mutumin da zai shigo ofis ba shi ne na hoton ba. Bai yi zuƙowa da yatsu ba, domin a wayar da ba ta da kyamarar nesa ta musamman, zuƙowa yanka ce kawai, gara ya yi ta da hannunsa daga baya.

Ga lissafin da ke nuna bai yi asara ba don ya ja baya. Hoton irin wannan wayar yakan zo da kusan fiksil 3000 a faɗi da 4000 a tsayi. Daga mita ɗaya da rabi, babbar kyamarar baya tana ɗaukar fili mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi, wato kowace santimita ta sami fiksil 20. Kai da kafaɗu suna buƙatar murabba'i mai santimita 50, wanda ya kama fiksil 1000 a kowane gefe, ninki biyu da rabi na abin da shafin ya nema. Daga haɓarsa zuwa saman hula kusan santimita 30 ne, 30 cikin 50 kuwa shi ne kashi 60 ɗin da ake so.

Tsayuwa: ya juya kafaɗu kaɗan zuwa gefe, fuskar ta dawo ga kyamara, don kada hoton ya yi kama da fasfo na katin ɗan ƙasa. Ya miƙe baya, ya saki kafaɗu, ya turo goshi gaba kaɗan ya sauke haɓa ƙiris, abin da ke fitar da layin muƙamuƙi. Murmushin da aka riƙe na daƙiƙa goma yana bushewa a fuska, saboda haka ya kalli ƙasa har ƙidayar ta kusa ƙarewa, sannan ya ɗago ya saki fuska kamar zai amsa sallamar baƙon da yake girmamawa. Ba sai haƙora sun fito ba. Ɗaure fuska dai, wanda wasu ke ɗauka kamala ce, a ƙaramin hoto fushi yake komawa.

Zagayen farko ya nuna matsala biyu: sararin tsakar gida ya fito fari a gilashin tabarau, kuma hular ta ɗan karkata hagu. Ya gyara hular, ya ɗaga hannayen tabarau, ya sake. Ya ɗauki wajen talatin. Ya gwada Portrait mai dusar da baya, amma ya ga wayar ta cinye gefen hular da ƙarfen tabarau, sai ya bar shi, tun da bangon ba shi da abin ɓoyewa.

Tacewa: wanne za a ɗora?

Zaɓe mataki biyu ne, kuma suna tafiya a saɓanin juna. Da farko a buɗe kowane hoto a zuƙo har kan ido. Idan gashin ido da bakin tabarau ba su fito tsaf ba, ko bangon ya fi fuska kaifi, a jefar da shi komai kyan murmushin. Wannan kaɗai yakan kore rabi. Sannan a yi akasin haka: a yanke biyar ɗin da suka rage murabba'i, a koma inda waya ke jera hotuna ƙanana, a miƙa hannu a dube su daga nesa. Wanda har yanzu ake gane idanu da yanayin fuska a cikinsa shi ne ɗan takara. Sau da yawa ba shi ne wanda mai hoton ya fi so ba.

Dalili kuwa, mutum ya saba da fuskarsa ta madubi, wadda dama da hagu suka juye, kyamarar baya kuma tana nuna shi yadda jama'a ke ganinsa, sai ya ji hoton bai yi kama da shi ba. Kada a juya hoton saboda wannan. Wanda ya ɗauka da kyamarar gaba ma ya duba saitin Mirror, domin aljihun riga da duk wani rubutu suna komawa bai-bai. A tura uku na ƙarshe ga mutum biyu da suka riga ka shiga irin aikin, ba abokan hira ba, kuma kada a tambaye su wanne ya fi kyau. A tambaye su, in suka ga wannan hoton, wane aiki za su zaci mai shi yana yi. Amsar za ta nuna ko suturar ta isar da saƙon.

Wajen yanka, idanu su zauna sama da tsakiyar hoton kaɗan, a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku, a ma'aunin jikin mutum, tsakanin hula ko mayafi da bakin da'irar. Gyara ya tsaya a ƙara haske kaɗan da daidaita karkata. Ƙurjin da ya fito jiya ana iya share shi, amma tsagar gado, tabo da launin fata naka ne, da su za ka je ganawa.

Wurin da hoto mai kyau ya fi mutuwa shi ne hanya. Idan a wayar wani aka ɗauka aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi, sai ka yanke kashi ɗaya cikin uku na abin da ya riga ya ragu. A turo shi a matsayin Document, ko ta Bluetooth, ko Xender. Kada a ɗauki hoton allo a ɗora. Masu iPhone su lura wayar takan ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda wasu shafukan neman aiki ba sa karɓa, sai a shiga saitin kyamara, Formats, a zaɓi Most Compatible kafin ɗauka. Bayan an ɗora, a duba shi a wayar wani da kuma kwamfuta in da hali, domin allon da aka ƙure wa haske yana ɓoye duhun hoto.

A ajiye asalin hoton da ba a yanke ba a imel ko Google Drive. Wani shafin zai nemi mai kusurwa huɗu, wani ya ƙayyade nauyi ƙasa da na LinkedIn, kuma daga asalin ake sake yanka, ba daga wanda aka riga aka matse ba. Hoto ɗaya ya kamata ya zauna a duk shafukan da kake neman aiki da kuma lambar WhatsApp da ka rubuta a takardunka, tun da can ma ana leƙawa. A sabunta shi bayan shekara biyu zuwa uku, ko da zarar kama ta sauya, kamar wanda ya tara gemu, ya fara sa tabarau, ko ya yi ƙiba ko rama da za a lura.